Gawar Lauya Otieno: Wa Ke Da Mutum, Kansa Ko Danginsa?

A ranar 20 ga Disamba 1986, Silvano Melea Otieno, ɗaya daga cikin fitattun lauyoyin Nairobi, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara 55. Ba a binne shi ba sai 23 ga Mayu 1987. Wata biyar cur gawarsa tana kwance a ɗakin ajiye gawa na birnin, yayin da matarsa da danginsa ke ta safa da marwa tsakanin Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ga Bahaushen da ya saba a rasu da hantsi a kai makwanci kafin la'asar, wannan abu ne mai ɗaure kai. Amma a Kenya, jaridu sun riƙa buga bayanan zaman kotun kusan kalma bayan kalma, mutane suna rububin saye, domin kowa ya gane cewa ba rami kaɗai ake jayayya a kai ba.

Otieno ɗan ƙabilar Luo ne daga yammacin ƙasar, ya yi karatun lauya a Indiya. Matarsa Wambui 'yar Kikuyu ce, daga babban gida, kuma ta taka rawa a gwagwarmayar Mau Mau. Sun yi aure a 1963, shekarar da Kenya ta samu 'yancin kai. Da ya rasu, sai ta sanar cewa za a binne shi a gonarsu da ke Upper Matasia, kusa da tsaunukan Ngong a bayan Nairobi, ta ce haka ya faɗa mata. Ƙanensa Joash Ochieng Ougo da wani dattijon dangi, Omolo Siranga, suka ce ba za ta saɓu ba. A madadin zuriyarsu ta Umira Kager, suka nemi a kai shi Nyalgunga a gundumar Siaya, inda aka binne mahaifinsa.

Hujjar lauyan Wambui, John Khaminwa, ta ginu ne a kan rayuwar da marigayin ya zaɓar wa kansa. Ya auri wadda ba ƙabilarsa ba, ya zauna a birni, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa ba bisa al'adar Luo ba, kuma ba ya yawan zuwa ƙauye. Saboda haka, in ji su, ya fita daga ƙarƙashin dokar gargajiya. Lauyan dangi, Richard Kwach, ya kawo dattawa suka bayyana cewa a wurin Luo, ginin da mutum ya yi a birni masauki ne kawai. Gida na haƙiƙa sai an kafa shi da al'ada: uba ko baffa ya nuna wuri, ɗan fari ya riƙe gatari, a tafi da zakara. Otieno bai taɓa yin haka ba, don haka har ya mutu ɗan gidan ubansa ne. Sun kuma ce idan aka binne shi ba daidai ba, ruhinsa zai addabi dangi. Har malamin falsafa na Jami'ar Nairobi, Henry Odera Oruka, aka kira ya ba da shaida kan waɗannan aƙidu.

Ba da gangan suka yi ba, amma lauyoyin nan biyu sun shigo da wata tsohuwar muhawarar masana cikin ɗakin shari'a.

A wani babban reshe na tunanin Turai, ana neman asalin mutum ne a cikin kansa. René Descartes, a 1637, ya yi shakkar komai har ya tsaya kan abu guda da ba ya shakkuwa, wato cewa shi mai tunani ne. Ba ya bukatar uwa ko maƙwabci kafin ya tabbatar da samuwarsa. John Locke ya ɗaure kasancewar mutum shi ne shi da sanin kai da tuna abin da ya aikata. John Stuart Mill kuma, a 1859, ya ce al'umma ba ta da hurumin tilasta wa baligi a kan abin da ya shafi jikinsa da tunaninsa, sai idan zai cutar da wani. A wannan mahanga, dangi da ƙabila abubuwa ne da mutum yake da su, kuma yana iya ajiye su. Idan Otieno ya zaɓi Ngong, magana ta ƙare.

Malamin addini ɗan Kenya, John Mbiti, ya juya wannan lissafi a littafinsa na 1969 kan addinai da falsafar Afirka. A ganinsa, ɗan Afirka yana sanin kansa ne ta hanyar jama'arsa, kuma jama'ar ta haɗa da waɗanda suka shuɗe da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ifeanyi Menkiti, haifaffen Onitsha da ya koyar a Amurka, ya kai maganar inda ta fi zafi a wata maƙala ta 1984. Ya ce cikar mutum ba kyauta ce ta haihuwa ba, aiki ne da ake cim ma a hankali: ta hanyar raɗin suna, da shiga sahun manya, da aure, da ɗaukar nauyin wasu. Tunda aiki ne, ana iya gazawa a kansa. Ya kafa hujja da cewa a al'ummu da dama makokin jariri bai kai na dattijo ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, wanda kan ce wane ba mutum ba ne alhali yana ganinsa da ƙafa biyu, yana nufin ba ya zumunci, ba ya gaisuwar mutuwa, ba ya jin kunyar kowa. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari kan mutumin kirki a wurin Hausawa, kuma yawancin halayen da ya tattaro, kamar amana da karamci da kunya da ladabi, ba sa bayyana sai akwai wani a gabanka.

Idan aka bi Menkiti, dangin Umira Kager ba kutse suka yi ba. Su ne suka raɗa wa Otieno suna, a cikinsu ya zama ɗan wane jikan wane, kuma binne shi mataki ne na ƙarshe na shigar da shi sahun kakanni. Digiri da rigar lauya ba su goge wannan.

Kotu ta karkata wajensu. Da farko Mai Shari'a Frank Shields ya ba Wambui gaskiya, amma aka mayar da shari'ar don a saurari shaidu sosai, kuma a Fabrairu 1987 Mai Shari'a Bosire ya yanke cewa a kai gawar Nyalgunga. A watan Mayu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. Dokar Kenya ta yarda kotuna su yi aiki da al'ada a shari'o'in da ba na laifi ba, muddin al'adar ba ta ci karo da adalci da ɗa'a ko wata rubutacciyar doka ba. Babu rubutacciyar doka kan binne gawa, Otieno bai bar wasiyya a rubuce kan kabarinsa ba (abin mamaki ga lauya irinsa), kuma shaidu sun saɓa: wasu sun ce ya ambaci Ngong, wasu sun ce ya ambaci ƙauye. Alƙalan suka ce ɗan Kenya ba zai iya tuɓe alaƙarsa da ƙabilar ubansa ba, komai zamansa a birni. Wambui ba ta halarci jana'izar ba.

Sai dai wanda ya karanta shari'ar a matsayin Afirka ta kayar da Turai ya yi gaggawa. Wambui ba ta tsaya a kotu tana cewa mijinta ba shi da kowa ba. Ita ma dangantaka ta kawo: aure na shekara 23, da 'ya'ya, da gidan da suka gina tare. Idan har hulɗa ce ke gina mutum, to wa ya fi hulɗa da Otieno a rabin rayuwarsa na ƙarshe? Abin da kotu ta yi shi ne fifita wata dangantaka a kan wata, ta jinin uba a kan ta aure, kuma waɗanda suka yi magana da yawun al'ada maza ne dattawa. Ƙungiyoyin mata a Kenya sun lura da haka tun a lokacin. Nan ne raunin wannan ɗa'a yake: faɗin cewa jama'a ce ke yin mutum bai gaya mana wace jama'a ba, bai kuma gaya mana wa ke riƙe da bakinta ba.

Masanin falsafa ɗan Ghana, Kwame Gyekye, ya taɓo wannan gyambo lokacin da ya soki Menkiti. Ya ce a tunanin Akan, kowane ɗan Adam yana zuwa duniya da ruhi daga Ubangiji, don haka yana da daraja tun kafin ya yi wa kowa komai. Idan Akan suka ce wane ba mutum ba ne, halinsa suke kushewa, ba haƙƙinsa suke kwacewa ba. Ya ƙara da cewa mutum yana da hankalin da zai auna al'adar da ta raine shi, ya karɓi wani abu ya ƙi wani, in ba haka ba babu al'adar da za ta taɓa gyaruwa. Ya kira matsayinsa matsakaicin ra'ayin jama'a. Wannan ya fi dacewa da Otieno na gaskiya, wanda bai yanke zumunci da 'yan'uwansa ba, amma kuma bai rayu yadda suka tsara ba. Sukar Gyekye tana da amfani a aikace. Ana gane ɗa'ar jama'a ta fara karkacewa idan ana kirga wa mutum nauyin da ke kansa amma ba a tambayar ra'ayinsa, ko kuma idan mai rauni, kamar matar mamaci ko maraya ko naƙasasshe, ya zama shi ne kullum ke biyan kuɗin haɗin kan dangi.

Turai ɗin ma ba baki ɗaya take ba. A dokar Ingila da Kenya ta gada, gawa ba dukiyar kowa ba ce, kuma umarnin da mamaci ya bari kan jana'izarsa ba ya ɗaure mai kula da wasiyyarsa, kamar yadda wata kotun Ingila ta yanke tun 1882. Wato ko a can, ikon mutum a kan kansa yana tsayawa a bakin kabari. Masana irin su Alasdair MacIntyre da Michael Sandel kuma, a farkon shekarun 1980, sun soki hoton mutum marar jijiya da falsafarsu ta gada.

Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya sauya ma'aunin da alƙalai ke amfani da shi. Ya amince da al'ada, amma ya ce duk wata dokar gargajiya da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi, ya kuma ba mata da miji haƙƙi daidai a cikin aure. Rigingimun binne gawa ba su daina zuwa kotu ba, kuma lauyoyi har yanzu suna kafa hujja da shari'ar Otieno, sai dai alƙalai da dama yanzu sukan duba abin da mamaci ya so da kuma wanda ya fi kusa da shi a rayuwa, tare da abin da dattawan dangi suka ce.