Huhu yana shigar da iska, amma ba shi ke cinta ba

Gagarawa Tasha, Jihar Jigawa

Zuwa ga ɗalibaina na babbar sakandare,

Na gama duba takardunku na jarrabawa, kuma akasarinku kun ɗauki numfashi da numfashin ƙwayoyin halitta abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Numfashi aikin ƙirji ne: tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shiga huhu, sannan ta fita. Numfashin ƙwayoyin halitta kuwa aikin sinadarai ne da ke gudana a cikin kowace ƙwaya mai rai, inda ake farfasa abinci a fitar da ƙarfin da ke cikinsa. Ku tuna maƙera: zugazugi yana tura iska, amma a gawayi wutar take ci. Ga wasu abubuwan mamaki da za su raba muku su.

Iskar da kuka shaƙa, yawancinta haka take komowa. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iskar da ke shiga, kuma wadda ke fita tana ɗauke da kusan kashi 16. Shi ya sa hura wa wanda numfashinsa ya tsaya iska baki da baki yake da amfani. Kabon dayoksaid kuwa yana shiga a kashi 0.04, ya fito kusan kashi 4, wato ya ninka sau ɗari. Ba huhu ne ya ƙera shi ba. Jini ne ya kwaso shi daga ƙwayoyin ƙafa da hanta da ƙwaƙwalwa, ya kawo shi bakin ƙofa.

Wannan ita ce dokar da WAEC da NECO suke son gani:

C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + ATP

Mu auna ta a sikeli. Gulukos giram 180, irin wanda jiki ke samu bayan ya narkar da tuwon gero, yana bukatar oksijin giram 192. Jimla 372 ke nan. Abin da ke fitowa shi ne kabon dayoksaid giram 264 da ruwa giram 108. Ku haɗa, za ku sake samun 372, ko giram ɗaya bai ɓace ba. To a nan abin yake ba da mamaki. Mutumin da ya rame, ina kitsensa ya tafi? Yawanci za ku ce ya zama zufa, ko ya bi bayan gida. A'a, akasarinsa ta hanci ya fita. Wani bincike da aka buga a 2014 ya lissafa cewa in mutum ya zubar da kitse kilo 10, kilo 8.4 yana fita ne a matsayin kabon dayoksaid, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa. Kuma oksijin ɗin da kuka shaƙa ba shi ne ke komowa cikin kabon dayoksaid ba, kamar yadda wasunku suka rubuta. A matakin ƙarshe, cikin maitokondiriya, haɗuwa yake da haidirojin ya zama ruwa.

Jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan dakon oksijin, amma ko kaɗan ba sa taɓa shi, don ba su da maitokondiriya. Ƙwaƙwalwa kuwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke amfani da shi in yana hutawa.

Gwada riƙe numfashinka. Ƙirji ya tsaya, amma ƙwayoyinka ba su tsaya ba, suna ta aiki, kabon dayoksaid yana taruwa a jini. Taruwar nan ce ke tilasta maka ka saki, tun kafin oksijin ya yi ƙasa sosai. Kana iya dakatar da numfashin ƙirji na ɗan lokaci. Na ƙwayoyin halitta kuwa ba shi karɓar umarninka.

Akwai masu yin numfashin ƙwayoyin halitta ba tare da huhu ba. Fara tana shan iska ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinta. Gero da riɗi da zoɓo duk suna numfashin ƙwayoyin halitta dare da rana, har saiwarsu da ke cikin ƙasa, shi ya sa gero ke rawaya ya mutu in ruwa ya kwanta a gona ya kori iskar da ke tsakanin ƙasa. Gaiwa kuma, wadda ake samu a fadamun Haɗeja, kifi ce mai huhu, sai ta leƙo saman ruwa ta shaƙi iska. In tafki ya ƙafe sai ta shige laka, ta rage aikin ƙwayoyinta ƙwarai, ta yi watanni tana jiran damina.

Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake adana wake, wanda ake kira PICS, masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, kuma babu magani a cikinsa. Ƙwarin da ke cikin waken su ne ke cinye oksijin ɗin da ya rage, sai su daina ci da hayayyafa, su mutu. Huda ɗaya daga ɓera ta isa ta ɓata aikin, don haka a duba ledar kafin a zuba.

Wannan kuma ku karanta shi da kyau, lokacin sanyi na zuwa. Mutum yana iya mutuwa don rashin amfani da oksijin alhali huhunsa lafiya lau. Kaskon gawayi a ɗaki rufe, ko janareta a kusa da wurin kwana, yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari. Tana manne wa jini a mazaunin oksijin, da riƙon da ya fi nasa sau ɗari biyu ko fiye. Alamunta ciwon kai da jiri da amai, sau da yawa ga duk mutanen ɗakin lokaci guda. In kun ga haka, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa, a nufi asibiti. Gubar sayanaid da ke cikin rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa shi an sarrafa shi sosai ba, ita kuma can ciki take ɓarna. Huhu ya shaƙa, jini ya kai, amma ta toshe matakin ƙarshe a maitokondiriya, sai oksijin ya komo ba a taɓa shi ba.

In kun tsere a filin ƙwallo, tsoka tana neman ƙarfi fiye da yadda oksijin zai iso, sai ta farfasa gulukos rabi da rabi, ta tara sinadarin laktik. Irin wannan aikin ƙwayoyin bakteriya ke yi wa madara ta zama nono mai tsami.

Ga aikin hutu. Ku samo filas biyu na shayi. Ku jiƙa wake har ya fara tsiro, ku zuba rabi a filas ɗaya. Sauran rabin ku tafasa shi ya mutu, ya huce, ku ɗauraye shi da ruwa mai ɗan bilic, ku zuba a ɗayan. Ku toshe bakin kowanne da auduga, kada ku ɗaure murfi, don waken yana bukatar iska. Bayan kwana biyu ko uku ku auna zafin cikinsu. Mai tsiron zai ɗumama, dafaffen ba zai canza ba. In dafaffen ma ya yi ɗumi, ku sansana shi: ruɓewa ya fara, kuma zafin na bakteriya ne, sai ku sake gwajin. Ku rubuta abin da kuka gani kowace safiya, ku zo mini da shi ranar da aka koma makaranta.

Wassalam,
Malaminku na kimiyya