Mutum uku a kan layi ɗaya: yadda ake lissafin intanet ɗin darasi da taron bidiyo

Duk wanda ya taɓa shiga darasi ta intanet ya san wannan yanayin: kana ganin malami tangaram, kana jin sa rangadadau, amma da ka buɗe baki sai ka ji ana cewa, “Ba ma jin ka, muryarka tana yankewa.” Sai ka duba waya ka ga sabis a cike, data ma tana nan. Galibi matsalar tana cikin wani lamba da mutane ba su cika dubawa ba, wato ƙarfin aikawa.

Layin intanet hanya biyu ce. Akwai ta saukewa, wadda hoton malami da muryarsa suke bi su iso gare ka, akwai kuma ta aikawa, wadda naka hoton da muryarka suke bi su fita. Ana auna faɗin kowacce da megabit a daƙiƙa, wanda ake rubutawa Mbps. A yawancin layukan waya da na gida, hanyar saukewa ta fi ta aikawa faɗi sosai, domin an tsara su ne don masu kallo da karatu. Mai kallon fim ba ruwansa da wannan bambanci. Mai taron bidiyo kuwa yana amfani da hanyoyin biyu a lokaci guda, kuma ƙaramar ce take fara cika.

Kamfanin Zoom ya wallafa abin da manhajarsa take buƙata, kuma alƙalumansa sun isa mu yi lissafi da su. A taron mutane da yawa, bidiyo mai matsakaicin kyau yana son 1.0 Mbps na aikawa da 0.6 na saukewa. Idan aka ɗaga shi zuwa 720p, buƙatar ta koma 2.6 na aikawa da 1.8 na saukewa. Murya kaɗai ba ta wuce 0.08, nuna allon kwamfuta ba tare da bidiyo ba shi ma bai kai 0.08 ba. A dubi tazarar da kyau: kyamarar mutum ɗaya tana cin abin da zai ishi muryoyin mutum goma sha biyu.

Mu ɗauki misali. A ce gida ne a Kano mai maifai guda ɗaya. Uwar gida malama ce, tana koyar da ɗalibanta da ƙarfe takwas na dare. 'Yarta tana da lacca a daidai lokacin, maigida kuma yana da taron ofis. Abin da za a fara yi shi ne auna layin, a shafin fast.com ko manhajar Speedtest, kuma a auna shi a lokacin da za a yi aikin. Awon da aka yi bayan sallar asuba yaudara ce, domin layin waya rabon sa ake yi tsakanin duk waɗanda suke kan turken sabis ɗaya, da dare kuwa kowa ya hau. A shafin fast.com sai an danna Show more info kafin lambar aikawa ta fito. A auna sau uku, a riƙe mafi ƙanƙanta.

A ce an samu 8 na saukewa da 2 na aikawa. Ni shawarata a yi lissafi da kashi uku cikin huɗu na abin da aka samu, saboda layin waya hawa da sauka yake yi. Ke nan gidan yana da 6 da 1.5. Idan su ukun suka kunna kyamara, suna neman 3.0 na aikawa, ninki biyu na abin da ke akwai. Nan ne muryoyi za su fara kakkaryewa, alhali 8 ɗin saukewa tana nan tana ruɗar su cewa layin lafiya lau yake. Rabon da ya dace shi ne a bar wa malama kyamara, tunda ita ɗalibai suke kallo, ta ɗauki 1.0. 'Yar da maigida su kashe tasu, kowanne ya ɗauki 0.08. Jimilla 1.16, ta shiga cikin 1.5 har da rara. Idan maigida zai yi jawabi ana son ganin fuskarsa, to ko dai malama ta koma nuna allo na ɗan lokacin, ko shi ya sauka daga maifai ya hau datar wayarsa.

Ta ɓangaren saukewa ma akwai abin lura. Zoom ya ce nuna fuskoki 25 a allo ɗaya yana son 2.0 Mbps. Su uku a haka sun cinye 6 ɗin kaf. Idan kowa ya zaɓi Speaker View, wato ganin mai magana kaɗai, buƙatar ta sauko kusa da 1.8. Kuma a tabbata ba a kunna HD a saitin bidiyo ba. Fuskar da za a gani a ɗan akwati ba ta buƙatarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gidan da ya yi duk wannan lissafi daidai, amma darasi ya ci gaba da yankewa, har a ɗora wa yarinya laifin sakaci. Sau da yawa ɓarawon yana cikin aljihun wani. Wayar da ta hau waifai takan fara kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da ta tambayi kowa ba, haka ma wanda yake tura bidiyon biki ta WhatsApp. Irin wannan aikawa ba ta da iyaka, duk faɗin da ta samu cinyewa take yi, sai muryar malama ta shiga layi a bayan hotuna tana jiran a zo kanta. Ana gane haka a Zoom ta Settings, sannan Statistics. Jinkirin da ya wuce 150 ms, ko asarar bayanai da ta haura kashi 2 cikin ɗari, alama ce ta cunkoso. Idan lambobin suka faɗo da zarar an cire sauran wayoyi daga waifai, an kama ɓarawon. Maganin dindindin shi ne a sanya waifai ɗin a matsayin Metered a wayoyin Android da kwamfutocin Windows, wanda yake rage irin wannan aiki na bayan fage. Rawutar da take da QoS tana ba da damar fifita kwamfutar malama a kan sauran, sai dai ƙananan maifai da yawa ba su da shi, kuma ba ya ƙara wa layin faɗi ko kaɗan, tsara layi kawai yake yi.

Wurin da aka ajiye na'urar ma yana da tasiri. Maifai ya zauna kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, mai koyarwa kuma ta zauna kusa da shi, ko ta haɗa shi da kwamfutarta da wayar USB in yana karɓa. Yara biyu da suke aji ɗaya su zauna gaban allo ɗaya. Buƙata ta ragu da rabi, kuma an huta da amsa-kuwwar na'ura biyu a ɗaki guda.

Saura batun aljihu. 1 Mbps na tsawon awa ɗaya yana cin megabayit 450, kuma kamfanonin waya suna ƙirga abin da ka aika da wanda ka sauke. Malama mai kyamara a kunne tana ƙone kusan megabayit 720 a awa. 'Yarta mai kallon malami da kyamararta a kashe tana cin kusan 300. Da malaminta zai kashe tasa kyamarar ya tsaya a murya da allon rubutu, awa ɗaya ba za ta wuce mata megabayit 70 ba, wato gigabayit ɗaya zai kai ta darasi goma sha huɗu maimakon uku.