Albashi na wata-wata, haya ta shekara

Kuɗin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba shi ne zai shigo asusunka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri, ma'aikata kuma ta zuba kashi 10. Ga haraji idan albashin ya kai. Don haka da abin da alat ya nuna za ka yi lissafi.

Abin da ya fi kayar da sabon ma'aikaci shi ne hidimar da ke zuwa sau ɗaya a shekara, musamman haya, tunda a Kano ko Kaduna mai gida kuɗin shekara yake karɓa dunƙule. A ce naira 100,000 ke shigo maka, ɗakinka kuma 240,000 ne. Kowane wata 20,000 ta mai gida ce, ko da sai bayan wata goma zai ƙwanƙwasa ƙofa. Idan ɗinki da cefanen salloli biyu na cin 60,000, to 5,000 ke nan a wata. Ranar da albashi ya shigo ka kwashe wannan 25,000 zuwa wani asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai ajiye abin da ya rage, ba zai tarar da komai ba.

Saura 75,000. Kuɗin Keke Napep 1,000 a rana, kwana 22 na aiki, 22,000. Abinci 28,000, data da kati 4,000. Iyaye da ƙanne 15,000, kuma nan ne wurin yake da nauyi. Taimakon gida haƙƙi ne, amma ka yanke adadi, ka faɗa wa mahaifiya tun farko, ka riƙa bayarwa a ranarsa. Hakan ya fi mata amfani a kan yau ka ba da 30,000, wata mai zuwa ka zo hannu rabbana. Ragowar 6,000 ta rashin lafiya ce da gyaran waya, kar ta tafi a anko.

Adashi na iya riƙe maka kuɗin hayar: mutum 12, zubin 20,000, kwasa 240,000. Ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin hayarka ta ƙare. Sai dai ka san uwar adashin da sauran masu zubi, domin wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi, na ƙarshen layi yake cuta. Banki kuwa akwai hukumar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe.

Idan wata biyu a jere kana cin bashi kafin 20 ga wata, ka rubuta duk abin da ka kashe na kwana 30, har ruwan leda. Idan takardar ta nuna ba ɓarna, ɗakin ne ya fi ƙarfin albashin, sai a nemi mai rahusa ko abokin zama.