Wace Jimla Ce Ta Faɗi Haka?

Duk wanda yake Abuja a makon Babbar Sallar 2022 zai tuna safiyar Laraba, 6 ga Yuli. Daga teburin mai shayi a Nyanya har wajen 'yan canji a Wuse, zance ɗaya ake yi, wato Kuje. Bari in taƙaita labarin da kalmomina, kusan yadda kafofin yaɗa labarai suka kawo shi a ranar:

"'Yan bindiga sun kai hari gidan gyaran hali na Kuje a daren Talata. Hukumar kula da gidajen gyaran hali ta ce fursunoni 879 sun tsere daga cikin 994 da ake tsare da su. Ministan Tsaro, Bashir Magashi, ya ce mutum 64 da ake zargin 'yan Boko Haram ne ba sa cikin gidan. A ranar Talatar ce kuma aka buɗe wa ayarin fadar shugaban ƙasa wuta kusa da Dutsinma, a kan hanyarsa ta zuwa Daura."

Jimla huɗu ke nan. Amma kafin la'asar, mutane da dama sun riga sun ƙara musu wasu huɗu daga kawunansu, kuma suna rantsuwa cewa a rediyo suka ji.

Ta farko ita ce wai Buhari ya tsallake rijiya da baya. Koma ka sake karantawa. Labarin ya ce ayarin fadar shugaban ƙasa, bai ce shugaban yana ciki ba. Kunne ne ya ji "ayari" da "Daura", zuciya ta zaunar da mutumin a kujerar baya. A zahiri tawagar share fage ce, ta jami'an tsaro da ma'aikatan fada da ake turawa gaba kafin Sallah, kuma sanarwar da Garba Shehu ya fitar ta ce mutum biyu ne suka ji rauni. Shugaban yana Abuja, washegari ma ya je Kuje da kansa. Wannan shi ne hasashe mafi saurin kama mai karatu, domin ba ya jin lokacin da ya yi shi.

Hanyar gwaji ba ta da wuya. Idan ka ce labari ya faɗi abu, ɗora yatsanka a kan jimlar da ta faɗe shi. In yatsan ya samu wurin sauka, abin da aka faɗa ne. In kuwa sai ka haɗa jimla biyu, ko ka ƙara da "ai ka san", ko "ke nan dai", to kai ne ka gina shi, ko da ginin naka mai kyau ne.

Yanzu gwada ta biyu: wai masu harin Kuje su ne na Dutsinma, shiri ɗaya ne. Ina yatsa zai sauka? Abin da ya haɗa aukuwar biyu a rubuce shi ne "a ranar Talatar ce kuma". Rana ce ta haɗa su, sai ɗan jaridar da ya jera su a sakin layi guda. Jerawa tana da ƙarfi ƙwarai. In aka ajiye abu biyu kusa da juna, mai karatu zai ƙulla igiya a tsakaninsu ko ba a ba shi ba. Haka kalmomi irin su "bayan", "jim kaɗan da" da "a daidai lokacin da" suke yi: lokaci kawai suke nunawa, amma sai a ji su kamar "saboda". Biri ya yi kama da mutum, na yarda, sai dai kama daban, shaida daban.

Akwai wani wuri da ya fi wannan santsi, kuma masu ilimi ma suna zamewa a kansa. Wani zai ce, to ai 879 ɗin gaskiya ce tsagwaronta, tunda ga ta a rubuce. Duba farkon jimlar: "Hukumar ta ce". Abin da ɗan jaridar ya ɗauki alhakinsa shi ne cewa hukumar ta faɗi wannan adadi. Bai ƙirga fursunoni ba. Sa'o'i kaɗan kafin nan, jami'an gwamnati suna maganar kimanin 600 ne. Wanda ya riƙe "an ce 600" bai yi kuskure ba da adadin ya sauya. Wanda ya riƙe "600 ne" shi ya sha kunya. Don haka "ya ce", "a cewar", "ta yi iƙirari" ba ado ba ne. Suna gaya maka wuyan wa maganar ta rataya. Jimlar farko kaɗai, ta kai harin, ita ce marubucin ya faɗa da bakinsa ba tare da jingina ta ga kowa ba, sai kuma ta ƙarshe.

Jimlar minista ma hawa biyu gare ta. Shi ne ya ce, sannan mutanen "ake zargi" ne. In ka mayar da ita "'yan Boko Haram 64 sun gudu", ka cire ministan, ka kuma yanke hukuncin da labarin bai ce kotu ta yanke ba. Kalma biyu ka zubar, magana ta canja.

Kada a ɗauka ina cewa hasashe laifi ne. Ba a karatu sai da shi, kuma ƙarfinsa hawa-hawa ne. In ka ɗebe 879 daga 994, za ka ce mutum 115 ba su fita ba. Babu jimlar da ta faɗi haka, amma lissafi ne, ba zai faɗi ba sai in alƙaluman hukumar sun faɗi. In ka ce maharan sun zo ne don su kuɓutar da mutanensu, wannan hasashe ne mai ƙafa, domin yana tsaye a kan maganar mutum 64 ɗin, kuma da ƙungiyar ISWAP ta fito ta ɗauki alhakin harin ya ƙara samun madogara. Ko a nan ma, ɗaukar alhaki iƙirari ne na mai yin sa. In kuwa ka ce da haɗin bakin na ciki, to ka bar labarin gaba ɗaya, ka koma kan abin da ka daɗe kana zato game da gwamnati. Yana iya zama daidai, yana iya zama kuskure, amma waɗannan jimloli huɗu ba su ba ka ko ɗaya ba.

Yadda nake bambanta su shi ne in tambayi kaina: zai yiwu kowace kalma ta labarin ta zama gaskiya, amma maganata ta zama ƙarya? Game da 115, ba zai yiwu ba in alƙaluman sun tabbata. Game da Buhari a cikin mota, ya yiwu, har ma ya faru.

Saboda haka in za ka kai wa wani labari, a gida ne ko a motar Mararraba, raba masa kayan gida biyu. Ka ce ga abin da suka faɗa, ga wanda ya faɗa, sannan ka ce "ni kuma a ganina". Mai sauraronka yana da haƙƙin sanin inda jarida ta tsaya da inda kai ka fara.