Giɓi Biyar Tsakanin Alkawari da Hidima

Ingancin hidima ya fi ingancin kaya wuyar aunawa. Mai sayen atamfa yakan taɓa ta ya duba kafin ya biya, amma wanda ya shiga banki ko otal ba ya sanin abin da ya saya sai an gama yi masa. Wannan ne ya sa masana uku a Amurka, A. Parasuraman da Valarie Zeithaml da Leonard Berry, suka fito da wani tsari a 1985, bayan tattaunawa da shugabannin kamfanoni da kwastomomi a harkar banki, katin bashi, dillancin hannun jari da gyaran kayayyaki. Sun gano cewa kwastoma yana kwatanta abin da ya sa rai ne da abin da ya ga an yi masa. Tazarar da ke tsakani ita ce giɓi na biyar, kuma ba ta gyaruwa kai tsaye, domin wasu giɓi huɗu na cikin kamfani ne ke haifar da ita.

A ɗauki misalin bankin da ya yi shela a rediyo cewa zai buɗe asusu cikin minti 15. Giɓi na farko rashin sanin buƙatar kwastoma ne: manaja ya kashe kuɗi kan sababbin kujeru, alhali mutane layi ne ya dame su. Na biyu shi ne a san buƙatar amma a kasa mayar da ita ƙa'ida. "A riƙa sauri" ba ƙa'ida ba ce sai an fayyace minti nawa kowane mataki zai ci da wanda ke da alhakinsa.

Giɓi na uku ya fi zafi, domin a gaban kanta yake faruwa, inda ƙa'ida take a rubuce amma aiki bai bi ta ba. Ma'aikaciyar ta cike fom cikin minti biyar, sai ta jira sa hannun wani babba da ke cikin taro. An ce ta sallami mutane da sauri, an kuma ce ta tallata wa kowa katin banki. Umarnin biyu suna karo, ita kuma za ta bi wanda ake duba wa wajen ƙarin girma. Kwastoma zai ce ba ta da kirki, alhali tsarin ne ya ɗaure mata hannu. Giɓi na huɗu kuwa talla ce ke haƙa shi, idan aka yi alkawarin da ba a tambayi masu cika shi ba. Wani lokaci ma daga bakin kwastoma ma'aikaci zai fara jin labarin minti 15 ɗin.

A 1988 masanan suka fitar da ma'aunin SERVQUAL mai tambayoyi 22, inda kwastoma ke ba da maki daga 1 zuwa 7 sau biyu: abin da ya sa rai, da abin da ya samu. Idan ya sa ran 6 a kan saurin aiki ya samu 4, giɓin -2 ne. Sai dai makin ba ya nuna inda matsalar ta samo asali. Sai an tambayi ma'aikata.

Nan tallan cikin gida ya shigo. Berry ya bayyana shi a 1981: a ɗauki ma'aikaci a matsayin kwastoma na farko, aikinsa kuma hajar da dole a gamsar da shi a kanta. A bankin nan, hakan na nufin a zauna da ma'aikatan kanta kafin a kai talla rediyo. Idan suka ce minti 30 ne zai yiwu, a faɗi 30, an rage giɓi na huɗu ba tare da kashe ko kwabo ba. Sauraron su yana rage na farko ma, tunda su ke jin ƙorafi kullum. Na uku yana buƙatar horo, kayan aiki masu lafiya, lada da ya dace da ƙa'idar, da kuma iko. Otal-otal na Ritz-Carlton sun yi suna da ba ma'aikaci damar kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da neman izini ba. A banki, ikon ya fi wannan sauƙi: a bar ma'aikaciyar ta kammala ƙaramin asusu da sa hannunta. Su ma na ofishin baya, kamar masu kula da kwamfuta, su san cewa ita ce kwastomarsu.

Abin yana da iyaka. Wasu kamfanoni sukan mayar da shi taron koyar da murmushi da rabon riguna, su bar mutum biyu suna fama da layin da ya kamaci mutum biyar. Alamar hakan a fili take: gaisuwa ta gyaru, jira yana nan yadda yake, ƙwararrun ma'aikata kuma suna ta ajiye aiki.