Farashin Canji: Me Allon Rahoto Zai Yi Ranar Asabar?

Kamfanin da ke sayar da kaya da yuro amma yake lissafi da dala yana bukatar allon rahoto mai juya kowane ciniki zuwa kudi guda. Ka'idar ita ce a yi amfani da farashin ranar da aka yi cinikin. Wanda ya dauki farashin yau zai ga cinikin watan jiya yana sauyawa kullum, alhali ba a kara sayar da komai ba.

Matsalar tana bullowa ne a karshen mako. Babban Bankin Turai yana fitar da farashinsa a ranakun aiki kawai, babu na Asabar da Lahadi. A ce an sayar da kayan yuro 1,000 ranar Asabar. Idan an hada teburin ciniki da na farashi bisa kwanan wata, layin Asabar ba zai sami abokinsa ba, sai ya fadi daga jimilla shiru. Alamarsa ita ce cinikin karshen mako ya rika nuna sifiri.

Maganin shi ne a dauko farashin Juma'a. Idan yuro daya dala 1.08 ne a ranar, za a rubuta dala 1,080, allon kuma ya nuna ranar da aka aro farashin. Amma aro yana da iyaka. Hutun Ista kan hada kwana hudu babu farashi, wannan ba komai. Gibin da ya wuce haka yawanci na nufin hanyar dauko bayanai ta lalace, kuma a ganina gara allon ya ce babu farashi da ya ci gaba da tsohon lissafi.