Minti Arba'in da Labarin Sarkin Habasha

A yawancin makarantun gwamnati na Kaduna ko Jos, da lokacin darasin addini ya yi, aji kan rabu biyu: Musulmi su bi malaminsu, Kirista su bi nasu. Doka ce ta ba da wannan damar, domin sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. Saboda haka malamin da ke son haɗa su wuri ɗaya don darasi kan haƙuri da juna, sai ya fara da sanar da shugaban makaranta da abokin aikinsa na ɗaya addinin. In so samu ne, su shiga ajin tare.

Babban aikin yana wajen zaɓen tambaya. Duk tambayar da amsarta za ta kai ga "wane ne ke kan gaskiya" ba ta wannan darasin ba ce, kuma minti arba'in ba za su warware ta ba. Abin da yara za su iya tattaunawa ba tare da kowa ya taɓa aƙidar wani ba shi ne hali: me wane ya yi wa wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma me ya sa?

Hijirar Habasha ta dace da wannan. Wajen shekarar 615, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta a Makka, wasu Musulmi suka tsallaka teku zuwa ƙasar Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a maido su. Sarki ya ƙi yanke hukunci sai ya ji ta bakin baƙin. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, ya karanta wani sashe na Suratu Maryam, sarki kuma ya ƙi miƙa su. Minti goma sun isa ba da labarin. Daga nan a raba yara rukuni-rukuni, a gauraye, mutum biyar ko shida, a ba su tambaya ɗaya: me sarkin zai iya rasawa saboda wannan hukunci, kuma me ya sa ya saurara kafin ya yanke?

Sai dai labarin na da tarko. Littattafan sira sun ruwaito cewa Najjashi ya musulunta, har Annabi (SAW) ya yi masa sallar ga'ib da ya rasu. Da wuya a rasa yaron da zai ɗaga hannu ya faɗi haka, wani lokaci da muryar wanda ya ci gasa. Nan take ɗan Kirista zai ji kamar an ƙwace masa gwarzon da aka ba shi yanzun nan. Kada malam ya ƙaryata, kada kuma ya ce "madalla". Ya ce, "Haka littattafan Musulunci suka ruwaito. Tambayarmu ita ce abin da ya yi a matsayinsa na sarkin ƙasar Kirista ranar da baƙi suka tsaya gabansa." An girmama ruwayar, an kuma dawo kan hanya.

Wannan salon magana shi ne ƙa'idar da ya kamata a rubuta a allo tun farko: "Musulmi sun yi imani cewa", "Kirista sun yi imani cewa". Malam ma ta hau kansa, ko da kowa ya san inda yake ibada. Don kada karamcin ya zama na ɓangare ɗaya, a ambaci tawagar Kiristan Najran da aka karɓa a masallacin Madina wajen 631.

Wasu malamai sun fi son misalin gida: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, daga baya suka kafa cibiyar sasantawa a Kaduna. Labari ne mai ƙarfi, amma a ganina na manyan aji ne. A Kaduna, wataƙila akwai wanda danginsa suka mutu a irin wannan rikicin yana zaune a benci na uku.

Alamar darasi ya fara karkacewa ba ihu ba ne. Ita ce lokacin da "su" ta koma "ku", kamar a ce "ai ku ne kuke", ko kuma duk aji ya waiga yana kallon yarinya ɗaya tilo mai wani addinin, ana jira ta kare mutanenta. Malam ya katse a nan, ya ce a sake faɗin maganar ba tare da nuna kowa ba, kuma kada ya taɓa kiran ɗalibi ya yi magana da yawun addininsa.

Minti goma na ƙarshe na rubutu ne, kowa shi kaɗai: ya faɗi ra'ayin wani daga rukuninsu yadda mai ra'ayin zai yarda haka ya ce. A kan wannan ake ba da maki. Takardar da ta nuna an juya maganar abokin zama, ita ke gaya wa malam rukunin da zai sake wa zubi mako mai zuwa.